Me ya sa jam'iyyu biyu ke kama da juna? Fashin baƙi kan "mai zaɓe na tsakiya"

Tun da aka fara hayaniyar sauya sheƙa da maganar haɗakar jam'iyyu, duk majalisar da ka zauna a Gombe sai ka ji wani ya ce ai duk kanwar ja ce, jam'iyyun nan ba su da bambanci, yau mutum yana nan gobe yana can. Ana cikin haka ƙanena da ke karatun kimiyyar siyasa ya zo gida Tudun Wada da takardar asamen a hannu, ya ce Yaya don Allah duba min wannan, lakcara ya ba mu tambayoyi kan tiyorin mai zaɓe na tsakiya, kuma ni da abokaina kowa amsarsa daban. Da na duba sai na ga ai tambayar da ake yi a teburin mai shayi ce aka mayar da ita lissafi: idan 'yan takara biyu suna neman ƙuri'a, me ke jan su su riƙa faɗin abu iri ɗaya, kuma yaushe ne hakan ba ya faruwa?

Zan bi lissafin ne daki-daki yadda muka yi da shi a daren, saboda wurin da yara ke faɗuwa a takarda shi ne dai wurin da manya ke faɗuwa a musu.

Wane ne mai zaɓe na tsakiya?

Ka ɗauka akwai magana guda ɗaya tak da ake zaɓe a kanta, kuma za a iya jera ra'ayin mutane a kan layi daga ƙarami zuwa babba. Ka jera masu zaɓen sahu ɗaya kamar layin rumfar zaɓe, mai son mafi ƙanƙanta a farko, mai son mafi yawa a ƙarshe. Mutumin da ya tsaya daidai inda rabin jama'a ke gabansa rabi na bayansa, shi ne mai zaɓe na tsakiya, a aji za ka ji ana cewa midiyan. Lura da kyau, kawunan mutane ake ƙirgawa. Ba tsakiyar layin ake aunawa da ma'auni ba, kuma ba mutum ne mai sanyin hali ko wanda bai da jam'iyya ba, a'a, matsayinsa a sahu kawai ya ba shi sunan.

Abin ya samo asali ne daga Harold Hotelling a 1929, shi kan shaguna ma ya yi magana. Ya nuna cewa idan 'yan kasuwa biyu suna sayar da kaya iri ɗaya a kan titi ɗaya kuma kowa yana zuwa shagon da ya fi kusa da shi, to kowannensu zai ta matsowa yana neman cinye kwastomomin ɗan'uwansa har su haɗu a tsakiyar titin. Duncan Black ya tabbatar da shi a 1948 kan yadda kwamiti ke yanke hukunci da rinjaye, sai Anthony Downs ya ɗora shi kan takarar jam'iyyu a 1957. Abin da suka ce a taƙaice: idan 'yan takara biyu ne, magana ɗaya ce, kowa ya fito ya zaɓi wanda ya fi kusa da ra'ayinsa, to babu matsayin da zai kayar da matsayin mai zaɓe na tsakiya.

Lissafin da muka yi

Misalin da na ƙirƙiro masa don ya gane shi ne wannan. Wata unguwa mai masu zaɓe 1,000 za ta zaɓi shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa, kuma magana ɗaya ce a gaba, nawa kowane gida zai riƙa bayarwa duk wata don gyaran bohol da biyan 'yan banga. Mutum 250 sun ce kada a karɓi ko sisi. Mutum 150 suna son naira 200. Mutum 200 suna son naira 500. Mutum 280 suna son naira 1,000. Sai wasu 120, masu hali, da ke son naira 3,000.

Tambaya ta farko a irin wannan takarda kullum ita ce ka nemo na tsakiya. Kuma a nan ƙanena da abokansa suka rabu gida uku, kowa da hujjarsa.

Ɗaya ya ce 1,500, saboda ita ce rabin hanya tsakanin sifili da 3,000. Wannan ya auna titi ne bai ƙirga mutane ba, ka duba ma babu ko mutum ɗaya da ke tsaye a 1,500. Wani ya ce 1,000 tunda nan ne aka fi yawa, mutum 280. To yawa daban, rinjaye daban, 280 cikin 1,000 ba su kai ko kashi ɗaya cikin uku ba. Shi ƙanena kuwa matsakaici ya fitar, ya ninka kowane kuɗi da yawan masu sonsa ya tara ya samu 770,000, ya raba da 1,000 ya samu naira 770. Lissafinsa daidai ne wallahi, sai dai ba abin da aka tambaya ba ke nan.

Hanyar ita ce tarawa a hankali daga ƙasa. Na sifili 250. Ka ƙara na 200 ka samu 400. Har yanzu ba ka kai rabi ba. Ka ƙara na 500 ka samu 600, to ka tsallake rabi, ma'ana mutum na 500 da na 501 a sahu duk suna cikin rukunin masu son naira 500. Na tsakiya naira 500 yake so. Shi ke nan, abin da aka tambaya ke nan.

Don ya ga bambancin da idonsa na ce masa to mu ɗauka masu halin nan 120 sun canza, yanzu naira 10,000 suke so a riƙa karɓa. Matsakaici ya yi tsalle daga 770 zuwa 1,610. Na tsakiya fa? Ko gezau, yana nan a 500, domin har yanzu su 120 ne kuma a ƙarshen sahu suke. Zaɓe ba ya tambayar ka yaya zafin son da kake yi wa abu, yatsa ɗaya ka dangwala kamar kowa. Wannan ne dalilin da ya sa midiyan ake nema ba matsakaici ba, kuma duk ɗalibin da ya riƙe wannan ya gama rabin takardar.

Yadda 'yan takara ke jan juna zuwa tsakiya

Tambaya ta biyu ita ce a ba ka matsayin 'yan takara biyu a ce wa zai ci. Dabara ɗaya ce, ka nemo wurin da ya raba su daidai, wato ka haɗa matsayinsu ka raba biyu:

```
x = (a + b) / 2
```

Duk wanda ra'ayinsa ke ƙasa da wannan wuri zai zaɓi mai ƙaramin kuɗi, duk wanda ke sama zai zaɓi ɗayan.

Mu ce ɗan takara na farko, mu kira shi Malam, ya ce naira 200. Na biyu, Alhaji, ya ce naira 1,000. Maraba, wato wurin da ya raba su daidai, tana 600. Waɗanda ke ƙasa da 600 su ne na sifili da na 200 da na 500, mutum 600 ke nan. Malam ya ci da 600, Alhaji 400. Ka ga masu son 500 ba don Malam ya faɗi abin da suke so suka bi shi ba, tazararsu da shi 300 ce, da Alhaji kuma 500, sai suka bi na kusa.

Alhaji ba zai zauna ya sha kaye ba. Sai ya sauko ya ce to naira 700. Yanzu maraba ta koma 450, masu son 500 sun faɗa ɓangarensa, Alhaji 600, Malam 400. Abin da ɗalibai ke mantawa a nan shi ne Alhaji bai rasa masu son 3,000 ba duk da ya yi nisa da su, don ba su da inda za su, Malam ya fi nisa. Saukowar da ya yi riba ce zalla.

Malam ya ga haka sai ya hau zuwa 500 daidai. Maraba 600, ya sake karɓe 600. Yanzu me ya rage wa Alhaji? In ya tsaya a 600, maraba 550, yana da 400. In ya zagaya ya koma ƙasa da Malam ya ce naira 400, maraba 450, ya kwashi na sifili da na 200, mutum 400 dai. Ko'ina ya je 400 ce ƙarshensa, sai wuri ɗaya, ya zo shi ma ya ce 500 su yi kunnen doki. Da zarar su biyun suna kan 500 babu wanda zai motsa shi kaɗai ya amfana. Wannan shi ake kira daidaiton Nash, kuma in an ce ka tabbatar da shi a jarrabawa ba dogon surutu ake so ba, ka gwada matsawa sama ka nuna an faɗi, ka gwada matsawa ƙasa ka nuna an faɗi. Yawancin ɗalibai gefe ɗaya suke gwadawa su tsaya, nan maki ke zubewa.

Wani abu da nake so a lura, ba mu ce Malam ko Alhaji munafuki ne ba. Ko da kowannensu da gaske yake, tsarin takarar ne ke tace su, wanda ya ƙi matsowa sai ya faɗi, wanda ya rage a fili shi ne na kusa da tsakiya. Don haka idan ka ga jam'iyyu biyu suna alƙawari iri ɗaya, mai yiwuwa ne rashin aƙida, mai yiwuwa kuma ƙuri'arka suke bi.

Sharuɗɗan da ke ƙarƙashin tiyorin, da abin da ke faruwa in an cire su

Nan ne zuciyar maganar a ganina, kuma nan ne tambayoyin ƙarshe na takarda ke zuwa. Tiyorin gaskiya ne, amma gaskiya ce mai sharaɗi.

Sharaɗin farko 'yan takara biyu ne. Mu shigo da na uku, Hajiya. Malam da Alhaji suna manne a 500, sai Hajiya ta zo ta ce naira 600. Maraba tsakaninta da su 550. Ta kwashe masu son 1,000 da masu son 3,000, mutum 400. Sauran 600 ɗin Malam da Alhaji za su raba, 300 kowanne. Hajiya ta ci da kashi 40 cikin ɗari, alhali da ita da ɗayansu kaɗai ne da ta sha kaye 600 da 400. Tsakiyar da take mafaka ɗazu yanzu ta zama tarko, duk wanda ke ciki ana matse shi. Wanda ya bi zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya ga irin wannan lissafi a zahiri. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku Abubakar kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Wanda ya ci bai kai kashi 37 cikin ɗari ba. A fili mai mutum huɗu ba na tsakiya kake nema ba, babban yanki kake nema ka riƙe, ka bar sauran su raba nasu. Shi ya sa duk maganar haɗaka da ake yi, in ka cire hayaniyar, ƙoƙari ne na mayar da takara ta koma ta mutum biyu.

Mun taɓa samun ta mutum biyu zalla kuwa. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa jam'iyyu biyu da kanta, SDP da NRC, aka ce ɗaya ta ɗan karkata hagu ɗaya ta ɗan karkata dama, su ne suka tsayar da Moshood Abiola da Bashir Tofa a zaɓen 12 ga Yuni 1993. Sai dai ɗalibi ya yi hattara da kawo wannan a matsayin hujja, domin ba takara ce ta ja su kusa da tsakiya ba, gwamnati ce ta ajiye su a can tun farko.

Sharaɗi na biyu kowa ya fito zaɓe, kuma wannan shi ya fi damuna. Mu koma unguwarmu. Ranar zaɓe masu son sifili da masu son 200, waɗanda yawanci su ne masu neman na abinci kullum, suka tafi kasuwa da gona, mutum 50 kacal suka fito daga kowane rukuni. Sauran rukunai duk sun fito. Masu zaɓe sun zama 700. Tara daga ƙasa: 50, sai 100, sai 300, sai 580. Rabin 700 shi ne 350, ya faɗa cikin masu son naira 1,000. Na tsakiya ya tashi daga 500 ya koma 1,000, kuɗin wata ya ninka, kuma waɗanda zai fi yi wa nauyi su ne waɗanda ba su zo ba. Ɗan takara ba na tsakiyar unguwa yake bi ba, na tsakiyar waɗanda suka tsaya a layi yake bi. A 2023 waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba, to ka auna da kanka wane ne na tsakiya a cikin wannan ɗan adadi.

Haka zaɓen fidda gwani yake, kafin ka je gaban jama'a sai ka wuce ta hannun daliget, kuma na tsakiya a cikin daliget ba lallai ya yi kama da na tsakiya a kasuwar Gombe ba.

Sharaɗi na uku shi ne magana ɗaya ce, kuma kowa yana da wuri guda da ya fi so, yana ƙara nisa daga wurin yana ƙara ƙin abin. In abubuwa ba su jeru a layi ɗaya ba sai lissafi ya rikice. Ɗauki kuɗin aiki ɗaya da za a sa a ruwa ko hanya ko asibiti, da rukunai uku masu yawa ɗaya. Na farko sun fi son ruwa, sai hanya, sai asibiti. Na biyu hanya, sai asibiti, sai ruwa. Na uku asibiti, sai ruwa, sai hanya. Kara ruwa da hanya, ruwa ya ci biyu da ɗaya. Kara hanya da asibiti, hanya ta ci. To ka zaci ruwa ne sarki ko? Kara asibiti da ruwa, asibiti ya ci biyu da ɗaya. Abin ya zama zagaye, babu na tsakiya sam. Wani Bafaranshe Condorcet ya gano wannan tun 1785. A irin wannan hali wanda ke tsara wace magana za a fara jefa wa ƙuri'a shi ke da iko, shi ya sa kujerar shugaban taro ba ƙaramar kujera ba ce. Kuma mu nan mun san mai zaɓe ba abu ɗaya yake dubawa ba, akwai tsadar taki, akwai albashi, akwai daga wane yanki ɗan takara ya fito, akwai addini, akwai wanda ya taɓa yi masa alheri.

Kuskuren da ake yi da maganar tallafin mai

Ƙanena ya so ya rubuta cewa tunda Tinubu da Atiku da Obi duk sun yi alƙawarin cire tallafin man fetur kafin zaɓen 2023, to wannan hujja ce ta tiyorin, sun haɗu a tsakiya. Na ce masa dakata. Tiyorin cewa ya yi in sharuɗɗa sun cika za a haɗu a wurin na tsakiya. Bai ce duk inda aka haɗu nan ne wurin na tsakiya ba. 'Yan takara na iya haɗuwa saboda baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyin ba, ko saboda masu ba su shawara iri ɗaya ne, kuma ga shi takarar ma ba ta mutum biyu ba ce. Kafin ka ce sun bi na tsakiya sai ka fara nuna inda na tsakiyan yake tsaye a kan maganar, da bayanai. In ba ka da su ka rubuta cewa haɗuwar ta dace da hasashen tiyorin amma ba ta tabbatar da shi ba. Lakcara mai hankali zai fi ba wannan maki.

To haɗuwa a tsakiya alheri ne ga talaka?

Masu yabon abin suna cewa yana hana tsattsauran ra'ayi, duk wanda ya je ƙarshen layi zai faɗi, kuma abin da aka yanke aƙalla babu wani matsayi da rinjaye ya fi so a kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa irin tamu.

Amma shi kansa Hotelling bai ga abin a matsayin nasara ba. Titi mai tsawon kilomita ɗaya, shaguna biyu a tsakiya, na ƙarshen titi sai ya taka mita 500. Da ɗaya ya zauna a mita 250 ɗaya a mita 750, babu wanda zai taka fiye da 250. Takara ta kai su inda ya fi musu, ba inda ya fi wa kwastoma ba. A unguwarmu mutum 250 da suka ce ba su da ko sisi, kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, babu ɗan takarar da ke faɗin maganarsu, ba don an tsane su ba, sai don an san ba su da wani wurin zuwa. Ni abin da ke ci min rai ke nan a tiyorin, yana nuna maka cewa ƙuri'ar da aka tabbatar da ita ba a nemanta.

Akwai kuma wani abu da littattafan waje ba za su gaya wa ɗalibinmu ba, dokarmu ba rinjaye kawai take nema ba. Sashe na 179 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai son zama gwamna sai ya fi kowa ƙuri'a kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, sashe na 134 ya sa irin wannan sharaɗi ga shugaban ƙasa a kan jihohi. Gombe ƙananan hukumomi 11 gare ta, bakwai ba su kai kashi biyu cikin uku ba, sai takwas. Ke nan ko da ɗan takara ya kama na tsakiya a cikin garin Gombe da Akko inda jama'a suka fi yawa, dole ya je ya nemi rubu'insa a irin su Dukku da Nafada ko Billiri da Kaltungo da Balanga, wuraren da abin da ke damun mai zaɓe ba lallai ya zama ɗaya ba. Tambayar ƙarshe a takardar ƙanena ita ce ko tiyorin ya dace da jiharku, sai na ce ya fara da wannan sashe, ya kawo lissafin Hajiya na mutum uku, sannan na masu zaɓe 700, kowanne ya rubuta wane sharaɗi ne ya karye da kuma ina na tsakiya ya koma.